Kafin ka ja layi a kan tsohon farashi, ka taɓa sayarwa a hakan?

Bayan ƙaramar Sallah na je Gabi gaida iyaye, sai na faɗa cikin wata ƴar rigima da ba tawa ba, amma har yau tana raina. Ɗiyar kawuna tana saida atamfa a cikin gida. Ba ta da butiki, ba ta da rumfa, sai akwati biyu a ɗaka da salula a hannu. Kafin Sallah ta saro turmi 30 daga babbar kasuwar Maradi, ta saida 19, saura 11 suka yi kwantai. Tana son kuɗinta su dawo don ta juya su, sai ta yanke shawarar ta rage farashi. Da gaske take, ragin na gaskiya ne. Amma ƙanenta, wanda yake ganin kansa ɗan zamani saboda ya yi shekara biyu a birni, shi ya karɓi salular ya tsara mata sanarwa a sitatus ɗin WhatsApp: hoton atamfa, 10.000 an ja masa jan layi, 6.500 da manyan lambobi, a gefe kuma -35%.

Ba a yi awa biyu ba wata maƙwabciya ta aiko saƙon murya. Ta ce: "Ke ƴar nan, yaushe atamfar taki ta taɓa kai jikka goma? Ba ni na saya hannunki jikka bakwai da rabi ana jibi Sallah ba?" Saƙon bai tsaya a salula ɗaya ba, ka san halin gari. Kwana uku ba wanda ya tako ya ce a buɗe masa akwati. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, jikka 6 da rabi ɗin araha ce ta haƙiƙa, wadda duk mai son atamfar zai yi murna da ita. Lambar ƙarya ɗaya da aka ɗora a sama ita ta sa mutane suka daina yarda da ta gaskiyar da ke ƙasa.

Na kawo wannan ne saboda da yawanku da ke karanta ni kuna sana'a a salula: takalma, turare, mayafai, caja, kayan kicin. Kuma kusan kullum ina ganin irin wannan jan layin a sitatus ɗinku. Ra'ayina a kai ɗaya ne, kuma zan tsaya a kansa: tsohon farashin da za ka faɗa in za ka yi ragi shi ne wanda ka saba sallamawa a kai, ba wanda ka saba buɗe baki da shi ba.

Mu fara da yadda ciniki yake a wajenmu, don a nan matsalar take. A kasuwarmu kaya ba su da farashi guda. Akwai kuɗin da mai kaya ke fara faɗa, akwai tayin mai saye, akwai "albarka" sau biyu ko uku, sannan akwai wurin da ake tsayawa a ce "na sallama". Kowa ya san na farkon ƙofar shiga ce kawai. Ɗiyar kawuna tana buɗe baki da jikka 9, amma ita da mai saye duk sun san ba a nan za a kwana ba. Wannan ba ƙarya ba ce, al'ada ce da kowa ya yarda da ita, domin mai saye yana da bakin mayar da martani. To amma jan layi ba daga kasuwarmu ya fito ba. Ya fito ne daga manyan kantunan da ke liƙa farashi a jikin kaya, inda ba tayi, inda abin da aka rubuta shi ake biya. A can, lambar da aka ja wa layi tana nufin: jiya in ka zo, wannan za ka biya. Idan ka ɗauko wannan salon ka ɗora a kan kuɗin buɗe baki, ka canza masa ma'ana. Abin da yake gayyatar ciniki ya koma shaida a kan abin da ya faru jiya, kuma shaidar zur ce, tun da ba wanda ya biya hakan.

A maganar ƙanen nata ma abin ya wuce nan, don ko jikka 9 ɗin bai rubuta ba, ya ƙara ya kai 10 saboda lambar ta fi kyan gani kuma lissafin kashi 35 cikin 100 ya fi ɗaukar ido.

Da daddare na ce mata ta ɗauko kayen da take rubuta ciniki. Allah ya sa tana rubutawa, saboda masu ɗaukar bashi. Muka zauna muka ƙirga turmi 19 ɗin nan. Uku sun tafi a jikka 8. Goma sha huɗu sun tafi a jikka 7 da rabi. Biyu sun tafi a jikka 7, kuma mace ɗaya ce ta ɗauke su tare, dillaliya ce da ke kai wa ƙauye. Ba ko ɗaya a jikka 9, balle 10. Na ce mata: "To ga tsohon farashinki nan, jikka bakwai da rabi. Shi ne kuɗin da baƙuwa za ta zo ta yi tayi daidai gwargwado ki sallama mata." Ragin gaskiya ke nan jikka 1 a kowane turmi. In an ga dama a mayar da shi kashi cikin ɗari, bai wuce 13 da ɗan abu ba. Ƙanen ya ce wannan ba zai burge kowa ba. Na ce masa jikka guda a Gabi ba abin rainawa ba ce, kuma matan da za su saya ba da kashi cikin ɗari suke lissafi ba, da dala da jikka suke yi.

Akwai wanda zai ce me ya sa ban ɗauki jikka 7 ba, tun da shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa sayarwa. Tambaya ce mai kyau, kuma a Turai ma a kanta aka kafa doka. Tarayyar Turai ta yi wata doka a 2019, wadda ta fara aiki ranar 28 ga Mayun 2022, da ta ce duk mai shelar ragi sai ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sa wa kayan a cikin kwana 30 da suka wuce. Dalili shi ne a toshe dabarar nan ta ɗaga farashi mako guda kafin furomo sannan a sauke shi a kira shi ragi. Har an kai wani babban kanti na Jamus, Aldi Süd, gaban kotun Tarayyar a kan ayaba. Sun tallata kilo a yuro 1,29, suka ja layi a kan 1,69, suka ce ragin kashi 23 cikin 100, alhali a cikin kwana 30 ɗin sun riga sun taɓa saida ta a 1,29 ɗin, kuma sun rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasa. A watan Satumban 2024 kotun ta ce a'a, dole a lissafa ragin daga farashi mafi ƙanƙanta na kwana 30 ɗin, ba daga wanda ya fi daɗin talla ba.

Wannan dokar tasu ce, ba tamu ba, kuma an gina ta ne don farashin da aka liƙa wa kowa da kowa. Ni abin da na ɗauka a cikinta shi ne ruhinta: ka ba tsohon farashi iyakar lokaci na kusa, kuma in kana shakka tsakanin lambobi biyu, ɗauki ta ƙasa. Jikka 7 ɗin dillaliya farashin sari ne na mai ɗaukar biyu, ba na kowa ba, shi ya sa na bar shi. Amma da a ce mata biyar ko shida ne daban-daban suka saya a jikka 7 a makon ƙarshe, to da farashinta ya riga ya sauka ke nan ko ba ta shelanta ba, kuma da sai ta ce daga 7 ta rage, ragin ya zama dala ɗari kacal. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka tuno mutanen da suka saya a hannunka cikin watan nan. Idan akwai da yawa cikinsu da za su ga sanarwarka su ce "ai ni ƙasa da haka na saya", lambar da ka rubuta ba ta tsaya ba.

Ga abin da muka sake rubutawa, kuma ta faɗe shi da bakinta a saƙon murya, don da yawa daga masu sayenta ba su karanta boko:

"Salamu alaikum. Atamfar nan da na kawo ta Sallah, wadda nake sallamawa jikka bakwai da rabi tun cikin azumi har ranar jajibiri, saura turmi goma sha ɗaya. Ita ce dai, zane uku cif, ba wata ba. Sallah ta wuce, ina son kuɗina in saro wasu kaya, shi ya sa na rage jikka guda. Daga yau zuwa Juma'a mai zuwa jikka shida da rabi na sefa, kuɗi hannu, ba tayi. Wanda ya yi saura bayan Juma'a ya koma kuɗinsa na da. Sanarwar da ta fita shekaranjiya mai jikka goma kuskure ce, ban taɓa saida ta haka ba, ku yi haƙuri."

Ba wata fasaha a cikinsa, amma kowace gaɓa tana da aikin da take yi, kuma ina so in tsaya a kan wasu.

Kalmar "sallamawa" ita ce ginshiƙi. Da ta ce "wadda take jikka bakwai da rabi", mai ji zai iya ɗauka kuɗin buɗe baki ne, ya ce a ransa to ai da ma da tayi za a kai shida da rabi, ina ragin? Da ta ce "sallamawa", ta gaya masa wannan shi ne ƙarshen ciniki na da, kuma sabon kuɗin yana ƙasa da inda tayinsa zai iya kaiwa. Sannan ta ɗaure shi da lokacin da kowa zai iya tunawa. "Da" kawai ba ta isa ba. Da yaushe? Bara? Kafin a rufe iyaka? "Tun cikin azumi har ranar jajibiri" magana ce da mata goma sha huɗu a garin za su iya gaskatawa, kuma su ne shaidunta ba tare da ta kira sunan kowa ba. Maƙwabciyar nan da ta tona asirin sanarwar farko, ita ce ta fara cewa wannan kam haka ne.

Ku tuna da watan Yulin 2024, lokacin da gwamnati ta rage kuɗin mai a Nijar, litar gazuwal ta sauko daga sefa 668 zuwa 618. Mutane sun yi muhawara a kan ko ragin ya isa ko bai isa ba, amma ban ji wanda ya yi gardamar cewa da 668 ne ba. Don me? Saboda lambar tana rubuce a gidajen mai, direbobi sun daɗe suna biyan ta da hannunsu. Ragin dala goma ne kawai a lita, amma tsohon farashin yana da dubban shaidu. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da allo irin na gidan mai, don haka sai ya gina shaidarsa tun kafin ranar ragi: ya riƙa rubuta farashi a ƙarƙashin hoton kaya a ranakun da ba furomo, ya riƙe kaye ko rasit. Wanda kullum amsarsa ita ce "biyo ni ta fili na sirri in gaya maka kuɗin" ya hana kansa wannan shaidar. Ranar da ya ja layi, ba wanda ya taɓa ganin lambar a ko'ina.

Sai dalili. Bahaushe ba ya son araha marar dalili, yana jin tsoronta. Da ya ji an rage, tambayar farko a ransa ita ce: me ya samu kayan? Ruwa ya taɓa su? Gara ta ci? Yadin bai cika ba? Jabu ne? Idan ba ka ba shi dalili ba, zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi naka muni. Na biyu da zai zo masa shi ne: ashe da can cutata ake yi. Dalili na gaskiya yana amsa duka biyun. Sallah ta wuce, kowa ya san atamfa na yin sanyi bayan Sallah, kowa ya san mai ƙaramin jari ba ya iya barin kuɗinsa kwance a akwati. Ba wanda zai zargi wannan. Kuma ba sai dalilin ya yi daɗin ji ba. "Launin nan bai karɓu ba" ko "kwalin ya yage amma kayan lafiya lau" sun fi sa mutum ya miƙa kuɗi a kan "saboda ƙaunar abokan cinikinmu", wanda ko mai faɗarsa bai yarda da shi ba.

A nan ne na hana ta abu guda. Ta so ta ƙara da cewa wallahi faɗuwa take yi. Na ce mu lissafa. Ta saro turmi a jikka 6, kuɗin mota da dako suka kama dala hamsin a kowane turmi, ya tsaya mata 6.250. A 6.500 tana da ribar dala hamsin. Ƙarama ce, amma riba ce, ba faɗuwa ba. Wannan rantsuwar ta "ko uwar kuɗi ban mayar ba" ta zama ruwan dare har ta rasa daraja, kuma tana da nauyi fiye da yadda muke ɗauka. Malaman fiƙihu suna da babi na musamman a kan cinikin da mai kaya ke faɗin yadda ya saya, suna kiran irinsa cinikin amana, domin mai saye ba shi da madogara sai maganar mai kaya. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an bayyana cewa idan mai kaya ya ƙara a kan kuɗin da ya ce ya saya, cinikin ba ya lizimtar mai saye sai an cire ƙarin da ribar da aka ɗora masa, har ma an ce ya faɗa idan kayan sun daɗe a hannunsa. Maganarsu a kan kuɗin sari ne, ba a kan tsohon farashin sayarwa ba, amma asalin ɗaya ne: da zarar ka ambaci lamba don mutum ya gina shawararsa a kanta, ta zama amana. Ba dole ba ne ka faɗi yadda ka saro. In ka zaɓi faɗa, to ka faɗa daidai.

Wata gaɓar da ta shafe mu mu na bakin iyaka musamman: ta ce "na sefa". A yankin Madarunfa, daga Gabi har Ɗan Isa, naira da sefa tare suke yawo a aljihu, kuma kayanmu da yawa ta Jibiya da Katsina da Kano suke shigowa. Lamba ba tare da sunan kuɗi ba ƙofar rigima ce. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Tun da Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, darajarta ta zube sosai, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro. Ma'ana akwai lokutan da kayan da aka saro da naira suke sauka a sefa ba tare da ɗan kasuwa ya rage ko tamma daga ribarsa ba. Haka kuma lokacin da aka rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023, kaya suka yi tsada, da hanya ta buɗe wasu suka sauko. Wanda ya ɗauko farashin lokacin tsadar ya ja masa layi, ya ce ya yi ragi, bai ƙirƙiro lambar ba, ya taɓa saidawa a haka. Duk da haka yaudara ce, saboda maƙwabcinsa ma a sabon kuɗin yake saidawa kuma bai kira shi furomo ba. Abin da ya dace a nan shi ne a ce: "Kaya sun sauko, yanzu kaza ne." Wannan sabon farashi ne. Ragi shi ne abin da ka cire daga naka, a kan kasuwar yau.

Maganar "ba tayi" da ta wa'adi kuma tare suke tafiya. Idan ka shelanta jikka 6 da rabi sannan mai naci ya zo ka sallama masa a 6, ka gaya wa gari cewa lambarka ta biyu ma ta buɗe baki ce, to ta farkon fa? Haka wa'adi. "Saura kwana biyu" da ke maimaituwa wata uku ya kashe kansa. Ranar Asabar in akwai saura, sai su koma jikka 7 da rabi da gaske, ko da za su ƙara kwana a akwati, domin komawar ce ke tabbatar wa mutane a baya cewa tsohon farashin na gaske ne. In ka san ba za ka iya komawa ba, kada ka sa wa'adi tun farko, ka ce "har su ƙare", ka faɗi adadin da ya rage, kuma kada turmi 11 su haifi ƴaƴa su zama 25 a tsakiyar mako.

Yanzu bari in faɗi abin da ke gefen ƙanen nata, don ba wawa ba ne. Hujjarsa ita ce babbar lamba tana jan mutane, kuma yana da gaskiya. A Amurka akwai wani babban kamfanin kantuna, J.C. Penney, da ya kawo sabon shugaba mai suna Ron Johnson, wanda a 2012 ya soke yawan furomon da aka gina a kan farashin da aka kumbura, ya ce za a riƙa sa farashi ɗaya mai sauƙi kai tsaye. Ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, aka sallame shi a watan Afrilun 2013. Mutane suna son jin sun ci riba a kan mai kaya, ko da wasa ne. Ban musa ba. Sai dai ku lura, ni ban ce a daina ragi ba, ban ce a daina shelarsa da ƙarfi ba. Cewa na yi a lissafa shi daga lamba mai shaida. Sannan wancan kamfani ne mai miliyoyin masu saye da ba su san juna ba. Ɗiyar kawuna masu sayenta suna haɗuwa a gidan biki, a bakin rijiya, a wajen suna. Ku ma na birni kada ku ɗauka kun tsira. Masu kallon sitatus ɗinku ƴan ajinku ne, ƴan unguwarku, matan yayyenku, kuma salula tana ɗaukar hoton allo. Farashin da ka turo wa wata a watan jiya yana nan a ajiye a wajenta.

Akwai hasara ɗaya ta gaske da ba zan ɓoye ba, kuma ita ce ta sa ɗiyar kawun nawa ta yi jinkiri kafin ta tura saƙon. Da ta faɗi a fili cewa a jikka 7 da rabi take sallamawa, ta tona kuɗin ƙarshenta. Gobe ba za ta sake buɗe baki da jikka 9 a kan wannan atamfar ta samu mai biyan 8 ba. Matan nan uku da suka biya 8 kuma yanzu sun san an sallama wa wasu ƙasa da su. Ta ce min: "Yaya, ka san ɗaya daga cikinsu ƙanwar maigidana ce." Na ce na sani. Shawarar da na ba ta ita ce kada ta jira su ji a bakin wasu, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu a farkon kaya ne suka zaɓi launin da suke so shi ya sa, kuma in sun tashi sayen na gaba za ta cire musu dala ɗarin. Biyu sun yi dariya sun ce ai ciniki ya riga ya faɗa. Ƙanwar maigidan ba ta yi dariya ba, kuma har na baro garin ba ta leƙo gidan ba.

Game da kuɗin buɗe bakin da ta rasa, lissafinsa ba shi da wuya. Turmi uku cikin 19 ne suka ba ta ƙarin dala ɗari-ɗari, jimilla jikka 1 da rabi a duk kakar Sallah. Turmi 11 da ke kwance kuwa jari ne na jikka 68 da dala 150, wanda ba ya motsi. Ita ta duba lambobin biyu ta zaɓa, ba ni na zaɓa mata ba.

Zuwa ranar Juma'a ta saida takwas. Uku suka rage, masu ruwan ƙasa da ba wanda ya so tun farko. Ranar Asabar wata ta zo da jikka 6 da rabi a ƙulle a bakin zane, ta ce ba ta samu kuɗin ba sai yau. Ɗiyar kawuna ta leƙo tsakar gida inda nake shan fura, ta ce: "Yaya, ya zan yi da ita?" Na ce mata ita ta faɗi wa'adin da bakinta. Ta koma ta ce wa matar turmin ya koma jikka bakwai da rabi kamar yadda ta sanar, amma za ta karɓi abin da ke hannunta ta rubuta saura jikka guda a kaye zuwa ƙarshen wata. Matar ta yi ɗan gunaguni, ta ɗauki turmin ta tafi.